Jakar Hannun Dattijo Mai Niyyar Hajji Daga Kuru

Wanda ya tsufa a Kuru, jikinsa ya saba da sanyin tsaunin Jos, inda ko a bazara dare kan yi sanyi. Makka ba haka take ba. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce alhazai fiye da 1,300 ne suka rasu. Don haka 'ya'yan da ke haɗa wa Baba ko Inna kaya su fi ba jakar hannu muhimmanci, domin babbar jaka takan yi jinkirin isowa masauki.

Magani ne farko. A ɗauki dattijo mai hawan jini da ke shan ƙwaya biyu kullum. In za a yi kwana 40, yana buƙatar ƙwaya 80. A ƙara masa na mako biyu, wato 28, saboda jirgin dawowa yakan yi latti. Jimilla 108 ke nan. A bar su cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin, kada a juye su a leda. Kafin tafiya ya tambayi likitansa game da ƙwayar da ke sa yawan fitsari, domin a wannan zafi tana iya ƙarar da ruwan jiki. Alamar ƙarewar ruwan jiki ita ce jiri in ya miƙe, bushewar baki da fitsari mai duhu. Ƙullin gishiri da suga na kemis yana taimakawa, amma mai ciwon ƙoda ya nemi izinin likita tukuna. Mai allurar insulin kuwa ya tanadi 'yar jakar sanyaya ta, don zafi yana lalata ta.

Goro fa a bar shi a gida. Na san yadda rabuwa da shi ke yi wa tsofaffinmu wuya, amma hukumar NAHCON ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da shi.

Fasfo da katin rigakafin shawara da sanƙarau su zauna a ƙaramar jakar rataye, a kuma bar kwafinsu wurin iyali. Allurar sanƙarau sai ta kai kwana 10 kafin a sauka can.

Namiji ya riƙi harami biyu da ɗamara mai aljihu. Tunda babu wando a ƙarƙashi, cinyoyi kan goge a tafiyar Mina zuwa wurin jifa, sai ya shafa basilin marar ƙamshi. Mace ta zaɓi dogayen riguna da hijabi na auduga marasa nauyi. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, musamman ga mai ciwon suga, wanda ƙasa mai zafi kan ƙona wa tafin ƙafa bai ji ba. Rigar sanyi guda ta isa saboda na'urar sanyaya jirgi da tantuna, sai lema mai haske da tabarau na biyu.