Wankin gwanjo: zafin da ke kashe cuta bai ɓata tufa ba

Abin tsoro a kayan gwanjo shi ne kwarkwata da ƙazuwa da makero, kuma zafi ne maganinsu, ba yawan omo ba. Zanen gado, tawul da farar rigar auduga suna jure ruwa mai zafin digiri 60. In babu injin wanki, a zuba tafasasshen ruwa kofi biyu kan na randa kofi biyu. Zafin zai kai wajen nan. A jiƙa kayan minti 15, sannan a wanke da sabulu.

Ulu, siliki da leshi kuwa ba sa son wannan. Ulu yakan tsuke ya dunƙule, robar ƙugu ta saki, rini ya zuba. Su a wanke su da ruwa mai ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 30, a shanya su bushe ƙarau. Daga nan a ɗaure su a leda mako biyu, don ƙwarin su mutu da yunwa, har da waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya.

Bilic na farar auduga ne kawai. Yana cinye ulu da siliki. Wajen guga a juya rigar, a bi kan ɗinki da dutse mai zafi daidai ƙarfin yadin, domin nan kwarkwata ke ajiye ƙwai.