Kawu ɗaya, shafi biyu: saƙon da zauren dangi ke buƙata

"An yi mini kutse, kada kowa ya karɓi abota daga wurina." Wannan sanarwa ta zama ruwan dare a zaurukan WhatsApp na dangi, kuma sau da yawa mai maganar bai faɗi daidai ba. Babu wanda ya shiga shafinsa. Wani ne can ya sauke hotonsa, ya kwafi sunansa, ya buɗe sabon shafi a Facebook, sannan ya bi jerin abokansa yana aika musu neman abota ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai buƙatar ilimin kwamfuta ko kalmar sirrin kowa.

Bambancin nan shi ne farkon abin da saƙo mai amfani zai fayyace wa dangi, domin maganin kowanne daban. Idan kutse ne, mai shafin ba ya iya shiga, ko kuma ya tarar da saƙonnin da ba shi ya rubuta ba a cikin akwatinsa. Idan kwafi ne, shafinsa na nan lafiya lau, sai dai an yi masa tagwaye. Wanda aka kwafa ya ruga ya sauya kalmar sirri bai yi laifi ba, amma bai taɓa ɓarawon ba ko kaɗan.

A ɗauki misalin wani gida da aka kwafi shafin babban kawunsu, dattijo ɗan fansho wanda kowa ke jin nauyinsa. Ƴar ƙanwarsa, wadda ita ce ke rubutun sanarwar biki da suna a zauren, ta fara saƙonta kamar haka: "Assalamu alaikum iyaye da yayye. Akwai wani shafi a Facebook mai suna da hoton Kawu, ba nasa ba ne. Kawu yana lafiya, bai buɗe sabon shafi ba, bai kuma aiki kowa neman kuɗi ba. Duk wanda aka tura wa neman abota, don Allah kada ya karɓa." Ta haɗa da hotunan fuskar shafukan biyu, ta zana jan layi a kan na bogin. Bayan haka ta maimaita maganar da murya, saboda goggonnin da ba sa karanta dogon rubutu, kuma su ne aka fi yi wa tarko.

Alamar farko mai sauƙi ce: wanda kuke abota da shi tun tuni ba zai sake neman abota ba, sai in da dalili. A rubuta sunansa a wurin bincike. Idan shafi biyu suka fito da fuska ɗaya, a buɗe sabon a gangara ƙasa. Shafin Kawu na gaskiya yana da tarihi: hotunan Sallah na shekaru, ta'aziyya, gardamar siyasa da tsofaffin abokan aiki. Na bogi kuwa hoto biyu ne ko uku, duk an ɗora su rana guda, cikin makon nan. Abokansa kaɗan ne, hoton kuma yakan ɗan dushe domin kwafi ne. A Instagram ma akwai `About this account`, inda ake ganin watan da aka buɗe shafi.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ganin ƴan uwa a jerin abokan shafin. Sai mutum ya ce ai ga Yaya da Goggo duk suna ciki, to lallai shi ne. Wannan ba shaida ba ce, waɗanda suka riga shi faɗawa ne kawai, kuma kowane ɗan uwa da ya karɓa ya ƙara wa ɓarawon kwarjini.

Sai kuma bakin mai shafin. Kawun da bai taɓa fara magana ba tare da sallama da tambayar iyali ba, yau ga shi da gajeren Turanci, ko da Hausar da ba ta gidansu ba, yana kiran ɗiyarsa da sunan da ke rubuce a shafinta maimakon sunan da ake kiranta a gida. Bayan gaisuwa biyu buƙata za ta fito: yana asibiti, manhajar bankinsa ta ƙi aiki, a tura dubu ashirin zuwa gobe, ko kuma ya samu wani tallafi, ga mutumin da za a tuntuɓa. Kullum da gaggawa, kullum da roƙon kada a faɗa wa kowa. A nan kunya ce jarin mayaudarin, don ya san yaro ba ya titsiye babba da tambaya. Shi ya sa marubuciyar saƙon ta sa wannan layi: "Kawu da kansa ya ce a kira shi a tsohuwar lambarsa a tambaya, ba rashin ladabi ba ne." Tsohuwar lambar, ba wadda sabon shafin ya bayar ba. Lambar asusun da aka turo ma takan tona asiri, domin kafin kuɗi su fita banki na nuna sunan mai asusun, kuma da wuya ya zama na Kawu.

Wajen kai ƙara, yawancin mutane gaggawar toshewa suke yi, alhali wanda ya toshe shafi ya daina ganinsa. Don haka a fara ɗaukar hoton shafin da na saƙonnin, a kwafi adireshinsa. Sannan a shiga shafin bogin, a taɓa ɗigo uku da ke kusa da sunan, a zaɓi `Report profile`, a bi zaɓin da ke nuna cewa yana kwaikwayon wani. Facebook zai tambaya wa ake kwaikwaya: mai shafin ya zaɓi `Me`, ƴan uwa su zaɓi `A friend` su nuna shafin Kawu na ainihi. Kalmomin kan ɗan sauya daga waya zuwa waya, amma hanyar ɗaya ce. A kuma duba da kyau kafin a danna, don akan samu mai ɗoki ya kai ƙarar shafin gaskiyar. Idan ɓarawon ya riga ya toshe Kawu don kada ya gan shi, wanda dabara ce da suka saba, nauyin ya koma kan dangi.

A WhatsApp salon ya ɗan bambanta: baƙuwar lamba ce da hoton ɗan uwa, da cewa "na canza layi". A taɓa lambar a sama, a gangara a danna `Report`, wanda ke tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe, sannan `Block`. Duk wanda ya nemi a karanto masa lambobi shida da suka shigo waya, ya wuce kwafi, shafin gaba ɗaya yake son ƙwacewa.

In har kuɗi sun riga sun fita, banki ake fara kira nan take, da rasit a hannu, ko a dace a riƙe su kafin a kwashe. Daga nan sai ƴan sanda ko EFCC. Sojan gona a intanet laifi ne a ƙarƙashin sashe na 22 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.

Sauke shafin bogi bai hana a buɗe wani gobe, tunda hoton na hannunsu. Abin da ke rage musu kasuwa shi ne rufe jerin abokai. A saitin Facebook akwai `Who can see your friends list?`, a mayar da shi `Only me`. Marubuciyar saƙon ta san dattawa ba za su bi wannan da kansu ba, sai ta rufe da cewa kowane yaro ya karɓi wayar mahaifiyarsa da ta mahaifinsa a daren nan ya gyara musu, ya kuma sanar a zauren idan ya gama.