Boris ɗin da ya cinye barcin direba

Daga tashar jiragen ruwa ta Apapa zuwa Kano akwai kusan kilomita 1,000, in an bi ta Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa da Kaduna. A ce tirela mai cikakken lodi tana cin kilomita 40 a awa, in an haɗa da ramuka da shingaye da cunkoso. Tuƙin awa 25 ke nan. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Da wannan ma'auni, tafiyar ta kwana uku ce. Duk mai motar da ya yi wa ɗan kasuwa alkawarin kwana biyu, daga barcin direbansa ya ranto cikon.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gyaran da aka ɗage yake ƙara wannan bashi. Ɗauki boris ɗin ƙafa da ya kamata a duba a sa masa giris tun a gareji, amma aka ce bari a dawo tukuna, lodi na jira. Ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan fara da gurnani, sannan in yaron mota ya kai hannu kusa da tsakiyar ƙafar, ya ji ta fi 'yan'uwanta zafi, wani lokaci har da ƙaurin giris. Sai ya ƙone a dajin Mokwa. Kafin a samo makanike, a aika gari neman irinsa, awa shida ta tafi, kuma direba bai runtsa ba, yana tsaye a rana yana gadin kaya.

Ina zai fanshe awannin nan? Da dare, alhali tsakanin ƙarfe biyu da asuba ne jiki ya fi neman barci. Goro da kofi ɗaga gyangyaɗi kawai suke yi, ba sa biyan barcin da aka rasa. In hanya ta miƙe yana gudun kilomita 80 a awa, ido ya rufe na daƙiƙa huɗu, motar ta ci kusan mita 90 babu mai tuƙa ta. Alamar tana zuwa tun kafin nan: yawan hamma, ƙafa ta riƙa taka gefen kwalta, direba ya kasa tuna ƙauyen da ya wuce yanzu-yanzu.

Shi ya sa ba a tsara sabis da "in an samu sarari". Da kilomita ake lissafa shi. Zuwa da dawowa kilomita 2,000 ne, don haka in littafin motar ya ce a juye baƙin mai a kilomita 10,000, bayan sawu biyar za ta kwana a gareji, a duba boris da birki da tayoyi gaba ɗaya. A rubuta ranar tun kafin a karɓi lodi, direba ya yi barcinta a gida, sannan a faɗa wa mai kaya kwana uku.