Tambayoyi Huɗu Kafin A Kai Sabon Kaya Kasuwa

'Yan'uwa manoma da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, sau da yawa kaya mai kyau ya kan kwana a rumfa domin mai shi bai iya faɗin ko mene ne ba. Idan mai saye ya tsaya, ba zai ba ka lokacin dogon bayani ba. Saboda haka masana ciniki su kan shawarci mai sabon kaya ya zauna tukuna ya rubuta jimla guda wadda za ta nuna matsayin kayansa a cikin sauran kayan kasuwa. Wasu Amirkawa biyu, Al Ries da Jack Trout, su ne suka baza wannan tunani da littafinsu na 1981. Jimlar ba kirari ba ce, ba kuwa ita za a rubuta a allon talla ba. Ta 'yan ƙungiya ce, domin kowa ya san abin da zai faɗa da abin da zai bari. Tana amsa tambayoyi huɗu: domin wa aka yi kayan, wane iri ne, wane amfani zai yi, mece ce shaida.

Bari mu gwada da buhun ajiyar wake mai ninki uku, wanda a ke rubuta PICS a jikinsa. Masanan Jami'ar Purdue ta Amirka da na ƙasar Kamaru suka fara binciken wannan dabara, aka soma yaɗa buhun a ƙauyukan Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne daban, ƙwarin da ke ciki su kan cinye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. A ce ƙungiyarku za ta kai shi kasuwar da ba a san shi ba.

1. Domin wa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "domin dukan manoma". Wannan ba amsa ba ce. Wanda ya ke sayar da wakensa duka ran da ya sussuke shi domin biyan bashi ba ya bukatar buhun. Babban ɗan kasuwa mai buhu ɗari biyar kuwa yana da sito da tasa hanyar. Mutumin da mu ke nema shi ne manomin da ya kan sami buhu biyu zuwa biyar, yana so ya riƙe su daga kaka zuwa bazara sa'ad da wake ke tsada, amma tsoron ƙwari ya kan sa ya sayar da wuri. Ku lura, ba da shekarunsa ko garinsa muka bayyana shi ba. Da damuwarsa muka bayyana shi. In za ku iya kiran sunayen mutum goma irinsa a ƙauyenku, kun sami mai saye.

2. Wane irin kaya ne?

Mai saye ba ya auna sabon abu shi kaɗai. Ya kan ajiye shi kusa da wani abin da ya riga ya sani, ya gwada kuɗinsu. Sunan da kuka ba kayan shi ne zai zaɓi abin da za a gwada shi da shi. A ce buhun yau da kullum naira 500 ne, naku kuma naira 2,500. In kun ce "sabon buhu ne", manomi zai ga kuna neman kuɗin buhu biyar a kan guda ɗaya, ya wuce. In kuwa kun ce "hanyar ajiyar wake ce wadda ta ke maimakon maganin ƙwari", zai lissafa kuɗin maganin da ya kan saya, da mudun da ya kan zubar kowace shekara. Kayan bai sake ba, kuɗinsa bai sake ba, ma'aunin ne ya sake. Sai dai kada ku ƙago irin da ba wanda ya taɓa ji, gama abin da mutum bai san inda zai sa shi ba, ba ya sayensa.

3. Wane amfani?

A nan ne a ke yawan rikita siffar kaya da amfaninsa. "Yana da ninki uku" siffa ce. Manomi zai ce, to, sai me? Ku ci gaba da yi wa kanku wannan tambaya har ku kai ga abin da ya shafi aljihunsa ko tukunyarsa. Ninki uku yana hana iska shiga. To, sai me? Ƙwari su mutu. To, sai me? Wake ya kai bazara ba huji, a sayar da daraja. Nan ne amfanin ya ke.

Buhun yana da wasu amfani. Iyali za su ci wake marar magani, a kan kuma sake aiki da shi wata shekara in bai huje ba. Duk da haka guda ɗaya za ku sa a gaba, wanda ya dace da mutumin da kuka zaɓa. Da matan gida masu ajiyar abincin iyali kuka zaɓa, da rashin magani ne zai hau gaba, jimlar kuma ta zama wata dabam.

4. Mece ce shaida?

"Mai inganci ne" ba shaida ba ce, domin kowane mai talla haka ya ke faɗi. Shaida ita ce abin da mai saye zai gani ko ya bincika da kansa. Waɗanda suka yaɗa buhun sun gane wannan. Su kan sa wasu manoman ƙauye su zuba nasu waken, a ɗaure a gaban jama'a, bayan wata huɗu zuwa shida a taru a kwance. Gani ya kori ji.

Shaida kuma ita ce ta ke yanka wa alkawari iyaka. Buhun ba ya gyara waken da ya riga ya lalace. Dole wake ya bushe sarai kafin a zuba, ɓera kuwa in ya huda leda aikin ya ɓaci. Saboda haka kada ku ce "wake ba zai taɓa lalacewa ba". Ku yi alkawarin abin da aka gani kaɗai.

Ga jimlar a haɗe

"Domin manomin da ke son riƙe wakensa har bazara amma yana tsoron ƙwari, wannan buhu hanyar ajiya ce maimakon magani, wadda za ta kai busasshen wake lokacin tsada ba huji, gama an ɗaure shi wata biyar a ƙauyen nan, aka kwance a gaban kowa, aka tarar da shi kamar ran da aka zuba."

Yadda za ku gane inda ta gurgunce

Ku cire sunan kayanku ku sa na wani. In jimlar ta zauna daidai a kan ganga ko maganin ƙwari, ba ta faɗi kome game da naku ba tukuna. Sa'an nan ku faɗa wa mutum biyar daga cikin goman nan, ku kasa kunne. Wanda ya ce "ai ni wakena ba ya kwana", ba shi ne mai sayen ba. In sun ce "buhu ne da wannan tsada?", kun ɓata wajen faɗin irin kayan. In sun ce "to, sai me?", siffa kuka faɗa. In kuwa sun ce "bari mu ga wanda ya gwada", shaida ce ta kasa, sai ku nemi mutum biyu da a ke jin maganarsu su ɗaure nasu waken da kakar nan. Ku gyara gaɓa ɗaya kawai kowane karo, ku sake gwadawa ran kasuwa mai zuwa.