Alamar dala a jarrabawar kwamfuta: yadda ake gane amsar gaskiya

A jarrabawar aikin hannu ta kwamfuta, lambar da ke kan allo ba ta isa shaida cewa ɗalibi ya iya ba. Malamin da ke duba aikin Excel dole ya leƙa fomular da ta haifi lambar.

A ce an ba ɗalibai farashin kaya uku: waya naira 80,000 a akwatin B4, fanka 40,000 a B5, rediyo 12,000 a B6. Harajin kayan masarufi, wanda Najeriya ta mayar kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, yana zaune shi kaɗai a E1. Ana son harajin kowane kaya. Ɗalibi ya rubuta wannan a C4:

```
=B4*E1
```

Sai 6,000 ta fito, daidai. Matsalar tana zuwa ne idan ya ja fomular ƙasa. Excel ba ya riƙe sunan akwati, tazarar da ke tsakani yake riƙewa, don haka komai ya sauka da taki ɗaya: B4 ta zama B5, kamar yadda ake so, amma E1 ma ta zama E2, inda babu komai. Harajin fanka ya fito sifili maimakon 3,000. Da rubutu ne a E2, `#VALUE!` za a gani.

Maganin shi ne a kafe akwatin harajin da alamar dala, a bar na farashi yana tafiya:

```
=B4*$E$1
```

Dalar da ke gaban harafi tana hana zamewa gefe, ta gaban lamba tana hana sauka. Maɓallin F4 ke sa su. Shi ya sa nake ganin zalunci ne a hana maki ga wanda ya rubuta `E$1`, tunda ƙasa kawai ake ja. `$E1` kuwa kuskure ne. Wanda ya zuba dala ko'ina, har a B4, shi ma ana gane shi, domin 6,000 za ta maimaitu a layi ukun.

Mai wuyar kamawa shi ne wanda ya rubuta `=B4*0.075`, ko ya yi lissafi a gefe ya buga lambobin da hannu. Amsoshinsa 6,000, 3,000 da 900 ne, babu gyara. A nan mai dubawa zai danna Ctrl da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, duk fomulolin su bayyana, ya fara karantawa daga layin ƙarshe, domin na farko kusan kullum daidai yake. Daga nan, a kwafin fayil ɗin, ya mayar da E1 kashi 10. Aikin da aka yi bisa ƙa'ida zai koma 8,000, 4,000 da 1,200 nan take. Layin da bai motsa ba, ba ya haɗe da E1.