Yadda bindiga mai ƙanƙara ke tashi, da abin da ke sa ta ƙi

Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya tara bindigogi kuma aka riƙa haɗa albarushi a Zinder, mutanen ƙasar nan suka san ƙarar bindigar da ake ɗurawa ta baki. Tsohon samfurinta shi ne mai ƙanƙara, wadda wutarta ke fitowa daga dutse da ƙarfe kamar ƙyastu. Bari mu ɗauki wadda sojan Faransa suka riƙe a yaƙe-yaƙen Napoleyon, samfurin 1777, mai faɗin baki wajen milimita 17 da rabi.

A gefen dama na bututun, can gindi, akwai ɗan kasko na tagulla. Daga kaskon wata ƴar kafa ta huda zuwa cikin bututu. Kaskon yana da murfin ƙarfe mai doron da ya miƙe tsaye. A bayansa akwai hannun ƙarfe wanda Faransawa ke ce wa kare, don yana cije da ƙanƙara a muƙamuƙinsa.

Soja zai ja karen baya zuwa rabi, inda kunama ba ta iya sakinsa. Sai ya ciro ƙunshin takarda mai albarushi da harsashin darma, ya yage bakinsa da haƙori, ya zuba kaɗan a kasko, ya rufe murfi. Sauran albarushin ya juye a bututu, ya tura harsashi da takardar, ya danna da sandar ɗuri. Sannan ya ɗana karen har ƙarshe. Gwani yakan yi haka sau biyu ko uku a minti.

Da ya ja kunama, kare zai faɗo da ƙarfi, kaifin ƙanƙara ya kankari doron murfin. Mutane da yawa na zaton dutsen ne ke ba da wuta, alhali ƙarfen ne. Ƙanƙara ta fi shi tauri, sai ta feƙe ƙananan ɓarɓashi daga jikinsa, su yi ja su kama ci. Bugun nan kuma shi ke hankaɗa murfin ya buɗe, tartsatsi ya zuba kan albarushin kasko. Kasko ya yi wal, zafin ya bi ta kafa ya kunna babban ɗuri. Shi ya sa mai harbi ke ganin walƙiya a gefen fuskarsa kafin ƙarar, kuma wanda ya razana a ɗan tsakanin nan ya motsa hannu, ya kuskure.

Ke nan sau uku wuta ke canza wuri, kuma a kowane tana iya mutuwa. Abin da mai bindiga ya ji ko ya gani shi ke gaya masa inda ta tsaya.

In ya ji ƙas kawai, babu hayaƙi, matsalar tana wajen tartsatsi ko kasko. Ƙanƙara takan dakushe bayan harbi ashirin zuwa talatin, sai an sassaƙe bakinta ko an sauya. Wani lokaci kwance take a muƙamuƙi, shi ya sa ake naɗe ta da fata ko fallen darma. In kuwa ƙarfen murfin bai sha tauri ba wajen maƙeri, ko mai ya shafe shi, dutse zai zame ne kawai. Ga kuma laima: albarushi gawayi ne da farar wuta da gishirin salfeta, kuma daɗa wanda ya jiƙa ba ya kamawa. Tokar da harbin baya ya bari a kasko ta fi kome jan danshi, don haka a damina sai an riƙa goge shi.

In kasko ya yi wal amma bindiga ba ta tashi ba, kafar ce ta toshe da dauɗar albarushi. Don wannan kowane soja ke rataye da ɗan tsinken ƙarfe. A ruɗanin yaƙi wani bai lura tasa ba ta tashi ba, sai ya sake ɗuri a kan ɗuri, har bututu ya fashe a hannunsa.

Mafi haɗari ita ce wadda ta yi jinkiri. Albarushi mai danshi yana iya ci a hankali a cikin kafa, bindiga ta yi shiru, sai mutum ya sauke ta ko ya leƙa bakinta sannan ta tashi. Ƙa'ida ita ce a bar bakin yana kallon inda ba kowa, a jira akalla minti guda kafin a taɓa ta.

A wani gwaji da sojan Ingila suka yi a 1834, mai ƙanƙara ta ƙi tashi kusan sau ɗaya cikin harbi bakwai, sabuwa mai ƴar hular tagulla kuwa ba ta kai sau ɗaya cikin ɗari ba. Bayan ƴan shekaru rundunonin Turai suka ajiye ƙanƙara, amma ƴan kasuwa suka ci gaba da kawo irinta Afirka ta Yamma shekaru masu yawa, don mafarauci na iya samun dutse da albarushi a kusa, hula kuwa sai an sayo daga waje.