Takardar Shaidar Hali Daga 'Yan Sanda: Wata Nawa Take Yi Kafin Ta Mutu?

Da yawa daga cikin ma'aikatanmu masu neman bizar aiki ko ta zama a ƙasar waje ba su tuna takardar shaidar hali sai ofishin jakadanci ya tambaya. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ce ke bayar da ita, bayan an gwada zanen yatsun mai nema da bayanan babban ofishin rajistar masu laifi da ke Alagbon, a Legas. Abin da take shaidawa kaɗan ne: ko akwai tarihin aikata laifi a kan mutum a wannan rajista, ko babu. Ba ruwanta da bashi ko shari'ar gado, kuma ba ta cewa komai a kan zaman da mutum ya yi a wata ƙasa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wa'adi. Takardar Nijeriya wata uku aka ɗibar mata, amma kowace ƙasa da nata ma'aunin. Amurka kan karɓe ta har shekara biyu ga mai neman bizar zama. Kanada kuwa ranar da aka bayar da ita take dubawa, ta kwatanta da inda mutum ya zauna.

Mu ɗauki misalin likitan da ya gama karatu a Masar a 2019, ya yi aiki a Kano, ya koma Birtaniya a 2022, sannan ya nemi zama a Kanada a 2025. Kanada na son takarda daga duk ƙasar da ya yi wata shida a jere cikin shekara goma da suka wuce, wato uku ke nan. Ta Birtaniya, inda yake zaune, kada ta wuce wata shida. Ta Nijeriya dole a ce an bayar da ita bayan zamansa na ƙarshe a gida. Saboda haka wadda ya karɓa a Kano tun kafin ya tashi ba za ta yi amfani ba, kome kyan ajiyar da ya yi mata.

To, yaya zai sami sabuwa yana can? A da sai ya ɗangwala yatsunsa a takarda ya aiko wa ɗan'uwa ya kai Alagbon. Yanzu ta shafin possap.gov.ng ake nema: zai yi rajista, ya ɗora hotonsa da shafin bayanan fasfo, ya nuna cewa a waje yake, ya biya kuɗi, a ɗauki bayanan tantance shi. Wasu ƙasashen kan ƙara da neman hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja.

Idan ta fito, mai karatu ya duba suna harafi bayan harafi. In fasfo ya ce Muhammad, takarda ta ce Mohammed, ana iya dawo masa da ita. 'Yan kamasho masu alkawarin fitar da ita cikin yini ɗaya kuwa, a guje su, domin takardar jabu kan jawo hana biza na shekaru.